Rahoton gogewa na neman rajista: oga ya dawo mini da shi, wai bai gan ni a ciki ba

Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu samun rajistar injiniya. Shekarata biyar ke nan a aikin gine-gine tun da na gama karatu, biyu a ofishin zane, uku a filin aiki ina duba abin da 'yan kwangila ke ginawa. Na shafe wata biyu ina rubuta rahoton gogewata, shafi 18, ayyuka shida, har da hotuna. Na kai wa ogana, wanda shi ne zai sa hannu ya tabbatar da abin da na rubuta. Bayan kwana uku ya dawo mini da shi bai gyara ko harafi ɗaya ba, sai dai ya rubuta da jan biro a saman shafin farko: "Na ga gine-ginen, ban gan ki ba." Ya kuma yi tafiya, sai nan da mako uku. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don duk aikin da na sa a ciki ina wurin, rana da ruwa a kaina suka ƙare. Ga ma'anar abin da na rubuta a kan ɗaya daga cikinsu:

"Bene ne mai hawa uku. An haƙa ramukan fandisho 24, kowanne mita 2 sau 2, zurfin mita 1.5. An tarar da ƙasa marar ƙarfi a ramuka uku, aka ƙara musu zurfi aka cike da kankare. Mun kammala fandishon cikin mako biyar."

Me ya rage a nan don Allah?

Auwal:
Wa alaikumus salam Hadiza. Matsalarki a fili take: an haƙa, an tarar, aka ƙara, mun kammala. Ni ma haka na fara, saboda mun taso muna jin cewa yabon kai jahilci ne. To hukumar rajista ke kaɗai za ta ba lasisi, kamfaninku bai nemi komai a wurinta ba. Ki bi rahoton daga farko har ƙarshe, duk inda kika ga "an" ko "mun" ki mai da shi "na". Ni abin da na yi ke nan, kuma na wuce.

Injiniya Garba:
Auwal ya kama rabin zancen. Amma idan ta bi shawarar yadda ka faɗe ta, za ta rubuta "na haƙa ramuka 24", alhali leburori ne suka haƙa, ta kuma rubuta "na zana fandishon" alhali wataƙila wani ne ya zana. Wannan ya fi na farkon muni, don na farko ɓoye kai ne, na biyu kuwa ƙarya ce da ogan ba zai sa mata hannu ba in yana tsoron Allah.

Na karanta irin waɗannan rahotanni da yawa, na yaran da suka yi aiki a ƙarƙashina da na waɗanda aka turo mini. Idan ina karantawa, wurin da aiki ya karkace daga takarda nake nema, domin a nan ne ake ganin injiniya. 'Yata Hadiza, a sakin layinki akwai wuri guda irin wannan, kuma kin binne shi a cikin kalmomi biyu: "an tarar". Wa ya tarar? Me ya gani da idonsa? Wa ya ce a dakata? Hanyoyi nawa aka auna kafin a zaɓi cikon kankare? Wa ya sa hannu? Ki ba mu labarin yadda za ki ba ƙawarki, kar ki yi mana rubutun ofis.

Hadiza:
To Baba, ga yadda aka yi. Rahoton gwajin ƙasa ya ba da kilonutan 150 a kan kowane murabba'in mita a zurfin mita 1.5. Ginshiƙan da suka fi nauyi suna sauke kamar kilonutan 600 har da nauyin fandishon, shi ya sa mai zane ya ba da mita 2 sau 2. Wato 600 ÷ 4 = 150, daidai wa daida, babu rara. Amma wurare uku kawai aka haƙa don gwajin, kuma babu ko ɗaya a kusurwar arewa maso gabas.

Da safe na zo duba ramuka kafin a zuba kankaren shimfiɗa, wanda ake ɗora rodi a kansa. Sauran ramukan jar ƙasa ce mai tauri, diga na tashi in an sara. Da na zo kusurwar nan sai na ga launin ya sauya, ƙasar ta yi duhu. Na sa tsani na sauka. A jikin bangon ramin na ga gutsuren jan bulo da wata tsohuwar leda a maƙale, a zurfin da ya kai ƙirjina. Na karɓi guntun rodi mai milimita 12 na danna a gindin ramin, ya shige kusan tsawon hannuna ba tare da na sa ƙarfi ba. Na je ramin da ke da jar ƙasa na gwada, ko kan yatsa bai shiga ba. A nan na ce wa foman kada a zuba komai a ramukan nan uku. Motar kankare na hanya, ya yi ta faɗa, amma na rubuta umarnin a littafin filin aiki na sa hannu. Daga baya wani dattijo mai gadi ya ce mini a da nan rami ne da ake ɗibar ƙasa, aka cike shi da shara da ɓaraguzai.

Na sa aka ci gaba da haƙa rami ɗaya a hankali, sai a mita 2.4 muka isa jar ƙasa ta asali. Na kira oga na gaya masa abin da na gani da abin da nake ganin ya dace.

Auwal:
To ai ga shi nan. Amma ni da ni ne da ban wahalar da kaina da haƙa ba. A ɗauka ƙasar 100 take ɗauka maimakon 150. Sai 600 ÷ 100 = 6, ka faɗaɗa fandishon zuwa 2.5 sau 2.5, ka sami 6.25, matsin ya sauko 96. An gama a rana ɗaya. Ki sa wannan lissafin a rahoton, suna son ganin lissafi.

Injiniya Garba:
Lissafinka bai da kuskure Auwal, amma 100 ɗin daga ina ka samo ta? Ƙasar ciko da aka zuba ba tare da daddalewa ba, mai leda da bulo da ruɓaɓɓen abu, ba ta da lambar da za ka dogara da ita. Taku biyu ka matsa sai ta sauya hali, kuma za ta ci gaba da zama shekara da shekaru ko ba ka ɗora mata komai ba. Sannan a nan abin tsoron shi ne ginshiƙai uku su sauka ƙasa yayin da 21 ke tsaye a kan jar ƙasa ba su motsa ba. Bambancin nan ne ke tsaga bango da bim a kusurwa, tsaga mai gicciye da za ka gani bayan damina biyu ko uku. Faɗaɗa fandisho bai cire wannan ba.

Amma na ji daɗin da ka kawo shi, domin irin wannan ne ya kamata ya shiga rahoton, a matsayin hanyar da aka duba aka ajiye, tare da dalili. Hadiza, kin duba faɗaɗawa a lokacin?

Hadiza:
Na duba Baba, don shi ma ɗan kwangilar ita ya so. Hanyoyi uku na rubuta wa oga a takarda guda. Ta farko faɗaɗawa, na ce ban yarda da ita ba saboda ciko ne. Ta biyu a saukar da fandishon kansa zuwa mita 2.4 a tsawaita ginshiƙin, amma an riga an yanke rodin ginshiƙai an lanƙwasa, kuma sai mai zane ya sake duba ginshiƙin da sabon tsayinsa. Ta uku a kwashe cikon har jar ƙasa a cike santimita 90 ɗin da kankare marar rodi, fandishon ya zauna a inda zane ya sa shi. Kowane rami 2 × 2 × 0.9 = 3.6, uku ke nan kubik mita 10.8. Na kuma lissafa cewa kankaren ya fi ƙasar da aka kwashe nauyi, zai ƙara kamar 5 a kan 150 ɗin, to tunda babu rara sai na nemi masu gwajin ƙasa su dawo su gwada gindin ramukan. Suka gwada suka rubuto cewa ƙasar a wannan zurfin ta ɗauka. Oga ya amince da ta uku, mai zane ya sa hannu a kan gyaran. Kwana huɗu aka yi asara.

Injiniya Garba:
Allahu akbar. Duk wannan kika yi, sannan kika rubuta "aka ƙara musu zurfi". Yanzu kin gane abin da oganki ke nufi? Yana wurin, ya san wadda ta sauka ramin, sai ya karanta bai same ta ba.

Ki lura da yadda kika ba da labarin yanzu, ba tare da kowa ya koya miki ba. Kin ce "na tsayar", don wannan ikonki ne. Kin ce "na ba da shawara", don zaɓin ƙarshe ba naki ba ne. Kin ce "mai zane ya sa hannu", "masu gwaji suka rubuto". Haka ake nuna alhaki: a faɗi inda ikon mutum ya fara da inda ya tsaya. Matasa suna tsoron cewa in sun rubuta "na kai wa oga" za a ga ƙaramcinsu. Ni kuwa mai neman rajistar da ya ce mini shi kaɗai ya canza fandisho bai tuntuɓi mai zane ba, shi ne ke ba ni tsoro, domin gobe hatimi zai riƙe.

Nafi'u:
Salam. Don Allah wanda yake da rahoton da aka riga aka amince da shi ya taimaka ya turo mini, na ɓangaren gini. Ina so in ga tsarin, in canza sunayen ayyukan in sa nawa. Kuma shafi nawa ake so? Wani ya ce mini in bai kai 50 ba ba sa dubawa.

Rabi:
Nafi'u ƙanena, kar ka fara. Tsarin ba a wurin mutane ake nemansa ba, yana cikin takardar jagora ta hukumar da za ka miƙa wa, kuma kowace da nata. Ta Birtaniya tana auna mutum da UK-SPEC, fannoni biyar daga A zuwa E, tun daga ilimin aikin har zuwa riƙon amanar sana'a. ECSA ta Afirka ta Kudu abubuwa 11 take nema. Engineers Australia 16. Wasu suna ƙayyade yawan kalmomi, in ka zarce ma laifi ne. Ka sauke ta hukumarku ka karanta kafin ka rubuta layi ɗaya. Batun kwafa kuwa, hukumomi da yawa suna kiran mutum intabiyu a kan abin da ya rubuta. Ka duba labarin Hadiza a sama. In ka kwafe shi aka tambaye ka me ya sa ba ka faɗaɗa fandishon ba, me za ka ce?

Nafi'u:
To Anti na ji. Ni dai shekarata biyu kacal, na ɗauka kamar rahoton koyon aiki ne na makaranta.

Rabi:
Ba ɗaya ba ne. Na makaranta yana faɗin abin da ka gani, wannan yana faɗin abin da aka damƙa maka. Tunda da sauranka, abin da zai amfane ka yanzu shi ne littafi ƙarami. Duk ranar da ka yanke wata shawara ko ka ga an yanke, ka rubuta kwanan wata, lambobin, da dalilin. Ni ban yi ba, na sha wuya da na zo rubutawa.

Baba Garba, ni ma bari in kawo tawa tunda an buɗe. Ni lantarki na karanta, kuma duk shekaruna a gyara da kula da injuna na yi su, ban taɓa zama a ofishin zane ba. Na daɗe ina jin ba ni da abin rubutawa, tunda ban "zana" komai ba. Misali akwai wani famfon ruwa da ke yawan katsewa. Masu aiki suka ce a ɗaga saitin abin kariyar kawai a huta. Na ƙi. Na auna wuta yayin da famfon ke aiki, a allon rarrabawa bolt 400, a bakin motar lantarkin da ke juya famfon 368. Faɗuwar kashi 8 cikin 100 ke nan, alhali abin da aka saba yarda da shi ga irin wannan kashi 5 ne. An matsar da famfon nesa a wani lokaci aka ƙara waya ba a sake lissafin kaurinta ba. Na lissafa, na nemi a canza wayar, katsewar ta tsaya. Wannan zai shiga a matsayin warware matsalar injiniya, ko za su ce aikin mai gyara ne?

Injiniya Garba:
Zai shiga Hajiya Rabi, in kin rubuta shi yadda kika faɗa yanzu. Mai gyara zai canza waya in an ce ya canza. Ke kin ƙi hanya mai sauƙi da za ta ƙona motar, kin auna, kin gano sanadin, kin lissafa kaurin da ya dace. Ki sa lissafin, da tsawon wayar, da abin da ya sa kika zaɓi canzawa maimakon ƙara wata a gefenta. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, wasu hukumomin suna son ganin matsala mai sarƙaƙiya fiye da wannan ga babban matakin rajista. Famfo ɗaya ba zai ɗauki rahoto ba. In kina da inda kika sake tsarin rarraba wuta na wani sashe, ko kika tsara jadawalin kulawa bisa bayanan lalacewa da kika tattara, shi za ki sa a gaba.

Hadiza:
Akwai abin da ban faɗa ba, kuma shi ne ya fi damuna. Ramukan nan uku, ɗaya daga cikinsu an riga an zuba masa kankaren shimfiɗa tun jiya da yamma, kuma ni na ba da izini. An yi ruwa, ramin ya yi caɓi, ban sauka ba, daga sama na leƙa na ce a zuba. Sai da na ga na kusa da shi washegari gabana ya faɗi, na sa aka fasa shimfiɗar, muka tarar da ciko iri ɗaya a ƙasa. Da a ce shi kaɗai ne a kan tsohon ramin, da an ɗora ginshiƙi a kan shara da sa hannuna. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. In rubuta wannan, ko in bar shi?

Shamsu:
Ki bar shi Hadiza. Ni shekarata goma sha a ɓangaren 'yan kwangila, na san yadda takarda take. Abin da ka rubuta da hannunka ka sa hannu, ba ka san inda zai kwana ba. Kin je neman a ce kin ƙware, sai ki kai musu shaidar cewa kin ba da izini ba ki duba ba? Mai dubawa ɗaya mai zafin kai ya isa ya ce ki dawo bayan shekara. An kama kuskuren, an gyara, babu wanda ya cutu. Barin faɗa ba ƙarya ba ne.

Auwal:
Ni ina tare da Shamsu a nan. A nawa na sa sashen "darussan da na koya", na rubuta cewa na koyi muhimmancin aiki tare da jama'a da tsara lokaci. Babu wanda ya tambaye ni komai a kai.

Injiniya Garba:
Ba su tambaye ka ba ne Auwal saboda babu abin tambaya a ciki. Jimlar nan kowa na iya rubuta ta ko bai taɓa taka filin aiki ba, mai karatu tsallake ta yake yi.

Malam Shamsu, tsoronka ba na banza ba ne, kuma akwai kuskuren da ni ma zan ce a yi hattara da shi: wanda ke gaban kotu ko masu inshora, ko wanda faɗinsa zai tona sirrin mai aiki. Irin wannan sai da izinin kamfani, kuma ko an yarda a cire sunan wuri da na mutane. Amma na Hadiza daban ne. Ita ta kama shi, cikin kwana ɗaya, kuma ita ta sa aka fasa abin da ta amince da shi jiya a gaban foman ɗin da ya san ita ta amince. Wannan ba kowa ke iyawa ba. Da yawa za su yi shiru su ce biyu sun isa. Ga kuma wani abu: oganta ya san labarin, shi zai sa hannu. Littafin filin aiki ma yana ɗauke da shi.

Sharaɗin dai shi ne kada kuskuren ya tsaya shi kaɗai. Me ya sauya a aikinki na gaba saboda shi? In amsar babu, to ki bar shi kamar yadda Shamsu ya ce, domin a lokacin ikirari ne kawai.

Hadiza:
Ya sauya. A aikin da ya biyo baya ni aka ba rubuta tsarin duba aiki. Na sa doka cewa ba a zuba shimfiɗa a kowane rami sai injiniya ya sauka, ya gwada gindin, ya sa hannu a fom mai lambar ramin. In ruwa ya kwanta a kwashe a jira. A na bayansa kuma, wanda nake kai yanzu, tun kafin masu gwajin ƙasa su zo na nemo tsofaffin hotunan filin da aka ɗauka daga sama, na tambayi waɗanda suka daɗe a wurin, na ga alamar tsohuwar hanyar ruwa, na nemi a ƙara ramin gwaji biyu a kanta. An ƙara, aka sami laka mai laushi, mai zane ya canza fandishon ɓangaren tun a takarda.

Injiniya Garba:
To ga kashin bayan rahotonki nan, kin same shi. A aiki na farko kin gano matsala bayan an haƙa. A na biyu kin kafa ƙa'idar da za ta kama ta kafin a zuba. A na uku kin tare ta tun kafin a zana. Ayyuka shida da kika jera kamar kayan shago ba su nuna wannan ba, domin kowanne ya fara da girman gini ya ƙare da "an kammala". Ki ɗauki ukun nan ki ba su fili, sauran ki taƙaita su a jadawali: kwanan wata, matsayinki, wanda ke kanki, abin da aka damƙa miki.

ECSA da Hajiya Rabi ta ambata tana da wani tsani mai hawa biyar na alhaki da nake ba yarana ko ba can za su nema ba. Ana nuna maka aiki, sai kana taimakawa, sai kana yi ana tsaye a kanka, sai kana yi ana duba sakamakon, sai kana yi da kanka alhakin na wuyanka. Ki ɗora kowane aiki a kan matakinsa da gaskiya. Shekarunki biyu na ofishin zane wataƙila na biyu ne da na uku, kada ki kumbura su. Mai karatu so yake ya ga kina hawa.

Shamsu:
Na ji bayanin Injiniya, amma ban sauka daga ra'ayina ba. Za ta iya rubuta dokar sauka ramin da hotunan sama duka ba tare da ta ce ita ta ba da izinin farko ba. Ta ce abin da aka gani a ramukan ne ya koya mata. Gaskiya ce, kuma ba ta miƙa wuyanta ba.

Rabi:
Sai dai in an tambaye ta a intabiyu me ya sa dokar ta ce lallai sai an sauka, amsar gaskiya ita ce ramin nan na jiya da yamma. Gara ta shigo da shi da kanta da a zaƙulo shi. Amma na yarda ya danganta da masu dubawa, ba duka suka zama ɗaya ba.

Hadiza:
Na sake rubuta sakin layin, ku duba:

"Ni ce injiniyar da ke duba aikin fandisho a madadin ofishinmu, a ƙarƙashin babban injiniya. Ina da ikon tsayar da zuba kankare, ba ni da ikon canza zane. An zana fandisho mita 2 sau 2 bisa 150 kN/m², ba tare da rara ba. Yayin duba ramuka na gano cewa uku na kusurwar arewa maso gabas, inda gwajin ƙasa bai kai ba, suna kan tsohon ciko. Ɗaya daga ciki na riga na amince da shi kwana ɗaya kafin nan ba tare da na sauka ba. Na tsayar da aiki a rubuce, na sa aka fasa shimfiɗar, na tabbatar da ƙasar asali a mita 2.4. Na auna hanyoyi uku. Na ajiye faɗaɗawa saboda ciko ba shi da ƙarfin da za a dogara da shi kuma zai jawo bambancin zama tsakanin ginshiƙai. Na ajiye tsawaita ginshiƙi saboda sake zane da asarar rodin da aka yanke. Na ba da shawarar cikon kankare marar rodi, na nemi a sake gwada ƙasar saboda ƙarin nauyin. Babban injiniya da mai zane suka amince. Jinkirin kwana huɗu ne."

Daga nan sai in haɗa shi da aiki na biyu.

Injiniya Garba:
Yanzu na gan ki. Abu biyu suka rage, kuma da ni ne a teburin su zan tambaye ki. Ramin mita 2.4 a cikin ƙasar ciko bayan ruwan sama, da mutane a ciki suna haƙa, me kika yi wa bangonsa? Ciko ba ya ba da sanarwa kafin ya rufta. Na biyu, fandishon da ke maƙwabtaka yana zaune a mita 1.5, ke kuma kin haƙa ƙasa da shi da santimita 90. Kin duba tazarar da ke tsakaninsu, kada ki zare masa ƙasa daga gefe?

Hadiza:
Bangon mun kwantar da shi ta gefen da babu komai, ta ɗaya gefen aka tokare da katako, kuma na hana tara ƙasar da aka kwashe a bakin ramin. Zan ƙara wannan, ban ma yi tunanin abin rubutawa ne ba. Tazarar kuwa mita 2 ce tsakanin gefe da gefe, kuma ba a zuba maƙwabcin ba tukuna a lokacin. Gaskiya ban lissafa ta a ranar ba, mai zane ne ya duba ya ce babu damuwa.

Injiniya Garba:
To haka za ki rubuta, mai zane ne ya duba. Ki kuma zauna yanzu ki fahimci dalilin da ya sa santimita 90 a tazarar mita 2 bai dame shi ba, don ki iya amsawa da bakinki.

Auwal:
Ni dai har yanzu ina ganin sakin layin ya yi tsawo. In kowane aiki zai ci haka, ina hotuna da zane za su shiga?

Rabi:
Su koma rataye a baya, kuma kowanne sai in rubutun ya yi nuni da shi. Hoton bangon ramin mai leda ya fi hoton ginin da aka gama fenti amfani a nan. Hadiza, kina da shi?

Hadiza:
Ina da shi Anti, har da shafin littafin filin aiki da takardar hanyoyi ukun. Zan nemi izinin ofis kafin in sa, in rufe sunan mai ginin. Batun ramin jiya da yamma kuwa na bar shi a ciki zuwa oga ya dawo, in ji ta bakinsa tunda shi ma sunansa zai hau takardar. Wata damuwar kuma: shekaruna biyu na ofishin zane, injiniyan da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya bar wurin, lambarsa ba ta shiga, wanda ya gaje shi kuma bai san aikina ba. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan? Wa ya sa muku hannu a kan waɗancan shekarun?